Daga faifan murya zuwa takarda: yadda ake fid da lissafin gudummawar dangi ba tare da an ɗora wa kowa bashin da bai ci ba

Idan kaka ta yi a ƙasar Arewa, kafin ƴan cin rani su kama hanya, dangi kan zauna. A garuruwan ƙaramar hukumar Sukukutane, kamar sauran garuruwan gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri, yanzu da wuya a yi irin wannan zama ba a aza salula a tsakar tabarma tana ɗaukar murya ba. Dalilin a fili yake: rabin masu kawo kuɗin ba su nan. Wani yana Yamai, wani Kwatano, wani Legas ko Abijan, kowa kuma yana so ya ji abin da aka ce.

Sai dai faifan awa biyu ba lissafi ba ne. Wanda ya wuni yana ɗaukar kaya a kasuwar wata ƙasa ba zai zauna ya saurare shi duka ba, wanda ya saurara ma abin da ya yi masa daɗi yake riƙewa. Dole wani, galibi magatakardan ƙungiya ko ɗan lakkol ɗin gidan, ya mai da shi takarda guda: me aka yanke, wa ya yi alkawarin nawa, wa ya biya, saura wa. A wurin wannan juyi ne zumunta takan samu tabo, kuma sau da yawa ba don wani ya ci kuɗi ba. Lamba ce kawai aka rubuta ba a san ta wane kuɗi ce ba.

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Ba wani gida muke nufi ba, lambobin ma na misali ne. A ce dangi sun zauna kan gyaran zauren gida da ɗakin tsohuwa, ana so a aza kwano kafin ruwan farko. Magini ya ce aikin zai ci jikka 300, wato sefa 300.000. Faifan ya kai awa ɗaya da minti 47. An tashi ana ta hamdala, ana cewa kuɗi sun cika har da rara.

Saurare na farko, ba a rubuta kuɗi

Kuskuren sabon magatakarda shi ne ya kunna faifai ya shiga rubuta duk lambar da ya ji. A saurare na farko abu ɗaya ake rubutawa: lokaci. Duk inda aka ambaci kuɗi, hatsi ko aiki, a dubi agogon faifan a rubuta a kaye, misali minti 22, minti 58, awa 1 da minti 12. Gaisuwa, addu'a, tsohuwar gardamar iyakar gona, duk a bar su su wuce. Idan faifan ta WhatsApp ya zo, akwai inda ake taɓawa ya ƙara sauri, 1.5x ko 2x, yana rage wahala a wurin surutu. Amma da an zo kan lamba a mai da shi yadda yake, don «shida» da «sittin» ba su da nisa a kunnen mai gaggawa.

Amfanin wannan zagaye yana fitowa nan take a misalinmu. A minti 22 babban wa ya ce kowane magidanci ya kawo jikka 15, aka ji muryoyi suna «to, to». Wanda ya rubuta nan ya wuce ya yi kuskure, domin a minti 58 an komo kan maganar, wani ya ce bana wake bai yi ba, aka yi ta ja, daga ƙarshe dattijon da ke jagorantar zaman ya ce: «To, mun tsaya bisa jikka goma goma, kowa ya ji?» Wannan ita ce yankakkiyar magana. Ta farko shawara ce. «To» da ake yi wa babba yana cikin magana ladabi ne, ba sa hannu ba ne. Abin da ake nema a faifai shi ne wurin da shugaban zama ya maimaita magana da bakinsa, ba a kuma sake tayar da ita ba har aka shafa fatiha.

Magidanta 12 ne, jikka goma goma, ya kama sefa 120.000. Wannan kason dole ne, shafinsa daban. Abin da mutum ya ƙara don ransa, shi ne alkawari, shi ma shafinsa daban. Kada a cakuɗa su.

«Dubu» ta wa?

Nan ne ya kamata a zauna sosai, don nan ne ramin yake.

Mu a Nijar da dala muke ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Idan tsohuwa ta ce «ashirin», sefa 100 take nufi. «Ɗari» ita ce takardar 500. Ɗari biyu ita ce jikka guda, sefa 1.000. Saboda haka dala dubu sefa 5.000 ce, abin da Zabarmawa ke ce wa zambar fo. Wanda ya yi lakkol kuwa, in ya ce dubu, yana iya nufin sefa 1.000, don da lissafin Faransanci yake tunani ko da Hausa yake magana. Wanda ya daɗe a Najeriya kuma dubunsa ta naira ce. Kalma ɗaya, kuɗi uku. Ko jikkar ma ba ta tsira ba: a bakin mutanen Sakkwato da Kano jaka ɗaya naira 200 ce.

A faifanmu, awa 1 da minti 5, kawu ya ce: «Ni na ɗauki dubu huɗu, ban da nawa na dole.» Kawu bai taɓa ƙirga kuɗi da Faransanci ba, dubunsa ta dala ce. Alkawarinsa sefa 20.000 ne. In yaro ɗan lakkol ya rubuta 4.000, ya rage wa asusu 16.000, ya kuma rage wa kawu girma a idon dangi. Yadda za a gane: a saurari abin da ya biyo baya. An ji ma'aji yana cewa «ga jikka goma na kawu, saura rabi». Jikka goma rabin 20.000 ce, magana ta tabbata.

Bayan minti bakwai aka kira wani saurayi da ke Legas, aka buɗe muryar waya kowa na ji. Ya ce: «Baba, ku sa mini dubu hamsin.» Wuri ya ɗauki kabbara. Wasu tsofaffi sun ji dala dubu hamsin, sefa 250.000, kusan kuɗin aikin duka. Wasu sun ji sefa 50.000. Shi kuwa yaro naira 50.000 yake nufi, wadda in an canza ta, mu ce a misalinmu, ta ba da wajen sefa 19.000. Ku dubi nisan da ke tsakanin 250.000 da 19.000. Idan aka rubuta babbar lambar, ranar da ya aiko da abin da ya yi niyya za a ce ya cika baki ya kasa, alhali bai yi ƙarya ba.

Ƙa'idar da ta fi sauƙi ita ce: a rubuta maganar yadda ta fito daga bakin mai ita, sannan a gefe a rubuta ta da sefa cikin lambobi. In akwai shakka ko kaɗan, a kira mutum a tambaye shi da takardun kuɗi: «Kawu, takardar jikka goma guda nawa ke nan?» Wannan tambaya ba ta barin ruɗani.

Naira kuma a bar ta naira a takarda. Kada a juya ta zuwa sefa ranar taro, don canji yana hawa yana sauka, wani lokaci cikin mako guda. Gurbin sefa ya zauna fanko har ranar da kuɗin suka iso aka canza, sannan a rubuta abin da ya shiga hannun ma'aji da kwanan watan. Haka sidi na Gana, haka dinarin Libiya ko na Aljeriya. Wanda ke Kwatano, Lome ko Abijan ba shi da wannan matsala, sefarmu ɗaya. Yuro ma da sauƙi, don tun 1999 canjinsa da sefa a ɗaure yake, kusan sefa 656 kowane ɗaya. Ɗiyar gidan da ke aure a Faransa ta aiko da saƙon murya ta ce yuro 100, ana iya rubuta mata sefa 65.595 kai tsaye. Abin da za a tambaye ta kawai shi ne ladan aike a kan wa yake.

Alkawarin da ba alkawari ba

Ba duk lambar da aka faɗa ce take zama bashi ba. A faifanmu akwai guda uku da ke neman taka-tsantsan.

Wani ƙane ya ce: «In na sai da ɗan bijimin nan da daraja, jikka ashirin da biyar na bisa kaina.» Wannan alkawari ne mai sharaɗi. A rubuta shi da sharaɗinsa, a shafi na dabam, kada a tara shi cikin jimla. In bijimi bai yi kuɗi ba, ba a bin sa komai.

Wani dattijo kuma ya ce: «Yaron nan nawa da ke Abijan, ku rubuta mishi jikka arba'in, ni na sani zai bada.» Yaron bai san an yi ba. Wannan ita ce ta fi haddasa ɓacin rai tsakanin na gida da na waje: mutum ya buɗe waya da dare ya ga sunansa cikin waɗanda ake bi, kan maganar da bai faɗa ba. A ganina magatakarda ba shi da ikon rubuta wa kowa alkawari sai wanda aka ji muryarsa, ko ya aiko da saƙo da kansa. Ba sai an kunyata dattijo ba. A rubuta «ana jiran tabbaci», a kira yaron a keɓe. Yana iya cewa arba'in ɗin, yana iya cewa goma sha biyar. Abin da ya faɗa shi ke shiga.

Na uku shi ne ma'aikacin da ke Yamai, ɗaya daga cikin magidanta 12, wanda ya ce «jikka talatin». Har da kasonsa na dole, ko ban da shi? Ƴan kalmomin nan biyu, «har da» da «ban da», jikka goma ce tsakaninsu. Kawu ya faɗi nasa a fili, shi bai faɗa ba. Da aka tambaye shi ya ce har da. Ke nan 10.000 ta tafi shafin dole, 20.000 ta tafi shafin alkawari. Da ba a tambaya ba, da an yi ta bin sa jikka goma da ya riga ya biya.

Sauran irin su «Allah ya hore», «za mu gani», «ba za a ji kunya ba», addu'a ce da kyakkyawar niyya. Ba su da gurbi a lissafi.

Akwai kuma gudummawar da ba kuɗi ba. Gwaggo ta ce buhun hatsi. A rubuta buhu, a kuma tambaya wane iri, don babban buhu mai kilo 100 yana cin wajen tiya 40, wani kuwa ƙaramin buhu yake nufi. Wanda ya ce dami, a rubuta dami, kada a ƙiyasta masa tiya, don dami ya danganta da hannun mai ɗauri. Kada a sa wa hatsi farashi tun yanzu: kuɗin tiya da kaka daban, da bazara daban. In za a ci shi ne wurin aiki, ba zai taɓa shiga jimlar kuɗi ba. Muryar mata ma sai an kasa kunne, don sau da yawa suna zaune nesa da wayar, wani ne ke isar da maganarsu. In ba a ji sosai ba, a tashi a je a tambayi gwaggo.

Yadda takardar take fitowa

Bayan kwana biyu ɗan Yamai ya aiko da jikka talatin ɗinsa ta kamfanin aike, ma'aji ya karɓo. Ga yadda takardar misalinmu za ta kasance a ranar. A ta gaskiya kowane layi da sunan mai shi da mintin da ya yi magana.

Abin da aka yanke (minti 58): aiki 300.000. Magidanta 12, kowa 10.000.
Kason dole: 120.000. Mutum 8 sun biya duka, 1 ya ba da rabi, 3 ba su kawo ba. Ya shigo 85.000, saura 35.000.
Kawu: alkawari 20.000, ya ba da 10.000, saura 10.000.
Ɗan Yamai: ƙari 20.000, ya biya.
Ɗiyar Faransa: yuro 100, wato 65.595, ba su iso ba.
Ba a tara ba tukuna: naira 50.000; jikka 25 mai sharaɗi; jikka 40 mai jiran tabbaci; buhun hatsi 1.

Yanzu a tara. Tabbataccen alkawari, dole da ƙari, 225.595 ne. Abin da ke hannun ma'aji 115.000. Abin da ake jira 110.595. Gwajin da ba a tsallakewa shi ne wannan: abin da ya shigo da abin da ya saura, in an haɗa, dole su ba da jimlar alkawari daidai. 115.000 da 110.595 sun ba da 225.595. In bai fito ba, akwai layin da aka maimaita ko aka manta, kada takarda ta fita.

Ga kuma abin da taro bai gani ba. An tashi ana cewa kuɗi sun cika, amma ko kowa ya cika tabbataccen alkawarinsa, akwai giɓin 74.405 kafin a kai 300.000. Giɓin ba zai rufe ba sai kuɗin Legas, na bijimi da na Abijan sun zo gaba ɗaya. Wanda ya je ya ɗauko kwano bashi a Dogon Dutsi bisa hamdalar ranar taro, shi za a bari da mai shago. Wannan layi na giɓi shi ne ya fi kowane amfani a takardar, a rubuta shi a ƙasa da manyan lambobi.

Gwaji na biyu ba a kan takarda ake yin sa ba. Magatakarda da ma'aji su zauna da mutum na uku, a zube kuɗin a ƙirga. In an samu 105.000 maimakon 115.000, kada a yi saurin zargi. Mafi yawan lokaci ɗayan biyu ne: ko wani ya ce a faifai «na ba wane ya kawo» kuma wanen bai iso ba, ko an zari kuɗin an sayi siminti ba a rubuta ba. Kuɗin da ke hannun ɗan aike ba su shigo ba, a rubuta su «suna hanya, hannun wane». Na kamfanonin aike irin su Nita, Amana ko Al Izza sun fi sauƙin bi, tunda akwai resi: mai aikowa ya ɗauki hotonsa ya tura wa ma'aji, a rubuta ranar da abin da aka karɓa a hannu.

Fitar da sunayen waɗanda ake bi

Lissafi ya ƙare, saura abin da ya fi shi wuya. Cikin mutum ukun da ba su kawo kason dole ba, wataƙila akwai baffan magatakarda. Yaro ba ya tsayawa gaban dangi ya ce ana bin baffansa bashi. Shi ya sa takardar ba ta fita da sunan magatakarda shi kaɗai. A kai wa dattijon da ya jagoranci zama, a karanta masa, ya ce a fitar. Kafin nan kuma a sanar da kowane mai saura a keɓe, da adadinsa da mintin da ya yi magana. Wasu za su biya a daren don kada sunansu ya fito, wani kuma zai ce ai ya ba wane tun jiya, a gyara.

Kalma ma tana da nauyi. «Saura» ta fi «bashi» sauƙin haɗiya, kuma ita ce gaskiyar abin. A jera sunaye bisa tsarin da dangi suka saba, manya a gaba, kada a jera bisa yawan kuɗi. Wanda dangi suka yafe wa saboda rashin lafiya ko gonarsa ba ta yi ba, a rubuta «an ɗauke masa», a kuma rage jimlar dole, in ba haka ba lissafi zai yi ta nuna giɓin da ba mai cike shi. Irin wannan jeri na cikin gida ne. Ba a kawo shi rediyo a karanta cikin sanarwa, ba a kuma tura shi zauren WhatsApp na gari duka.

Tunda ba kowa ke karanta boko ba, takardar tana tafiya da murya. A ɗauki hotonta, sannan magatakarda ya karanta ta cikin saƙon da bai wuce minti uku ba, kowace lamba sau biyu, da jikka da kuma sefa: «Kawu, jikka ashirin, wato sefa dubu ashirin, ya ba da jikka goma.» A ba da kwana uku na gyara. Wanda ya ce ba haka ya faɗa ba, ba a gardama da shi, a kunna masa mintinsa ya ji muryarsa. Bayan kwana ukun a sa kwanan wata, ta zama ita ce takardar da ake aiki da ita. Duk lokacin da kuɗi suka shigo a fitar da sabuwa da sabon kwanan wata, don tsohon hoto yana daɗewa yana yawo cikin wayoyi.

Shi kansa faifan ba na rabawa ba ne. Cikin awa biyun akwai faɗa, akwai maganar auren wance da ciwon wane. Ya zauna wurin mutum biyu, magatakarda da shugaba, a kuma kwafe shi a katin memori, don waya tana faɗawa ruwa ko ta ɓata a tasha. Tun farko ma a faɗa wa jama'a cewa ana ɗauka.

Duk wannan wahala tana raguwa ƙwarai in an yi abu ɗaya a zama na gaba. Kafin a shafa fatiha, shugaba ya ce a dakata minti biyar. A matso da waya kusa, magatakarda ya kira suna ɗaya ɗaya, mai suna ya faɗi nasa da bakinsa: nawa, na wane kuɗi, har da kason dole ko ban da shi, kuma yaushe. «Ni ne wane, jikka ashirin na sefa, ban da na dole, kafin azumi.» Na waje da ba a samu a waya ba, a bar layinsa fanko har ya aiko da muryarsa.